Surukai Biyu, Oba-oba Biyu

Mahaifina, Malam Iliyasu, bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa aikin gwamnati ba, amma tun da na yi wayo ban ga ranar da ya wuni bai ba wani umarni ba. Manomi ne kamar kowa a Tsamiyar Goje, ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir: gero, dawa, 'yar gyaɗa, da tumaki a bayan gida. Sai dai Allah ya yi shi da wani hali. Ba ya iya ganin mutum biyu sun nufo ƙofa ɗaya bai tsaya ya faɗi wanda zai fara shiga ba. Ranar Juma'a shi ke jera babura a ƙofar masallaci. A wajen ɗaurin aure shi ke faɗin wanda zai hau tabarma da wanda zai tsaya a rana, ko da kuwa ba a gayyace shi ba. Yana cikin 'yan agajin masallaci tun ina goye, kakinsa ya koɗe har ba a gane asalin launinsa, amma kullum a goge yake.

Ina son sa, kar a ce ban faɗa ba. Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan hidima ba, kuma in gobara ta tashi shi za ka fara gani da bokiti. Abin da ke ƙona mini rai ɗaya ne: Baba ba ya tambaya. Faɗa yake yi. In ya faɗa kuma bai ji an ce komai ba, to a wajensa an yarda ke nan.

Ni ce 'yarsa ta fari, sunana Tahira, ko da yake ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. “Ke” yake ce mini, ko “wannan”. Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Maigidana kuwa, tun da a takarda ne zan kama sunansa, Muntaka, kafinta ne, mutum mai sanyi wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Tun da aka ɗaura mana aure ban ga ya haɗa ido da Baba ba. In ya hango shi daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ya yi gaisuwa da muryar da sai ka kasa kunne za ka ji. Baba kuma ya amsa yana kallon bishiya. Kowa a garin yana yaba wannan surukuta, ana cewa ga tarbiyya. Ni ma na yaba, kafin daminar bara.

A tsakiyar daminar, ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarmu ta zuwa kasuwar Laraba. Aka kai kuka ƙaramar hukuma, aka ce ana nan tafe. Kafin su zo, hanya ɗaya ta rage: wani tsohon burtali da ya ratsa ta cikin gonaki, mai lanƙwasa kamar lauje, wanda mota ɗaya kawai yake ɗauka. Dawa ta yi tsawo hagu da dama, in kana wannan baki ba ka ganin wancan, ihu ma ba ya kaiwa. Kwari ne kuma, waya ba ta samun sabis sai ka hau tudun makaranta.

A tsakiyar burtalin, daidai lanƙwasar, wuri ɗaya ne babu dogon kara: gonar gyaɗar Gwaggo Fanta. Mijinta aminin Baba ne, ya rasu ya bar mata wannan gona, da ita take ci take sha, da ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta. Kowa ya san in motoci biyu suka yi karo a ciki, babu inda ɗaya za ta kauce sai cikin gyaɗar nan. Don haka Gwaggo ta je wajen Mai Unguwa ta ce ita ƙaya za ta sa ta toshe gefenta, mota ta bi ta sama in tana da fiffike.

Nan Baba ya miƙe. A gaban Mai Unguwa da dattawa ya dafa ƙirji ya ce, “Fanta, ki bar ƙayarki. Ni na ɗauka. In taya ta taɓa gyaɗarki, ni za ki tambaya.”

Ta dube shi ta ce, “Iliyasu, ka ji abin da ka faɗa?”

Ya ce, “Na ji, jama'a ma sun ji.”

Dabararsa ita ce mutum ɗaya ya tsaya a bakin gari, ɗaya a bakin kasuwa, in wannan ya saki motoci wancan ya riƙe nasa. Ƙanena Abdulƙadir, da ke aikin gadi a wani kamfani a Kano, ya zo gida ƙarshen mako da oba-oba guda biyu, na'urar maganar nan ta masu gadi, irin ƙananan nan masu cin batir ɗin rimot. Ya zauna a zaure ya nuna wa Baba. Ga madanni a gefe: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara, domin muddin kana danne ba za ka ji kowa ba. A gilashin akwai lamba babba, ita ce tasha, dole ta zama ɗaya a duka biyun. Ya sa su a uku. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar lamba a gefenta, ya ce ana ce mata lambar sirri, ya bar ta a sifili, ya ce kar a taɓa. Ya fita ƙofar gida suka gwada, muryarsa ta fito tangaram. Da zai tafi ya ce in batir ya ƙare a sayi masu ƙarfi, ban da na banza. Baba ya ce ya ji. Daga baya muka gane cewa a duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta zauna masa, “sirri”.

Sai maganar wanda zai tsaya a ɗaya bakin. Ga samari cike da gari, amma Baba ya aiko a gaya wa “mijin wannan” ya shirya ranar Laraba. Na ce wa Muntaka ya ba da uzuri. Ya dube ni kamar na ce ya zagi liman.

Kafin Larabar, Baba ya wuni yana kunna tasa yana saurare. Sai ya riƙa jin wasu muryoyi, 'yan sintirin wani ƙauye da wasu masu buga bulo, su ma a tasha ta uku suke. Ransa ya ɓaci. Ta yaya za a ce hanyarsa ce, wasu kuma na surutu a ciki? Ya ɗauki oba-obar ya kai wa Tasi'u mai gyaran waya ya ce a sa masa lambar sirrin nan. Tasi'u ya daddanna ya mayar da ƙaramar lambar sha biyu. Muryoyin suka ɗauke ɗif. Baba ya dawo gida yana murmushi, bai gaya wa kowa ba, ai sirri ne. Ta Muntaka kuwa tana cikin aljihun rigarsa, yana sunkuyo yana miƙewa a kan katako, har wani madanni ya dannu tashar ta koma huɗu. Shi ma bai lura ba.

Ranar Laraba da hantsi kowa ya kama wurinsa, Baba a bakin gari, Muntaka a bakin kasuwa. Baba ya gyara hula, ya danna, ya ce, “To, na sako motoci. A riƙe na can.” Jar wuta ta kama a saman oba-obar, alamar magana ta fita. Ya saki. Shiru. Ya juya wajen masu kallo ya ce, “Kun gani? Yaro mai kunya. Ko a cikin na'ura ba ya iya amsa mini.” Ya ɗaga hannu motoci suka shiga.

A can kuma Muntaka ya durƙusa, wallahi durƙusawa ya yi a gaban na'ura, ya danna ya ce, “Baba, barka da hantsi. Akwai masu son shigowa, ko a sake su?” Tasa jar wutar ma ta kama. Shiru. Ya jira, ya sake sallama. Shiru. Direbobi suka fara hon. Sai ya yi lissafi irin nasa: babba ba ya tsayawa musayar magana da suruki a gaban mutane, da bai yarda ba da ya hana. Shi ma ya ɗaga hannu.

Ina asibiti aka zo aka ce mini an haɗu a gonar Gwaggo. Wata bas da wata a-kori-kura sun tsaya hanci da hanci, a-kori-kurar ta kauce ta bi ta kan layi uku na gyaɗa. Kafin la'asar an yi haka ya fi a ƙirga, sai dai yawanci babura ne da Keke, ɓarnar ba ta wuce gefe ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu ɗayansu da ya bar wurinsa ya taka ya je ya ce wa ɗayan, “Wai kana ji na kuwa?” Baba ba zai je ba, don shi ba ya tambaya. Muntaka ba zai je ba, don in ya je kamar ya ce Baba ya yi kuskure ne.

Da yamma Gwaggo Fanta ta zo ƙofar gidanmu na haihuwa ta tsaya, ba ta ko shiga ba. Ta ce, “Iliyasu, na zo tambayar da ka ce in yi.”

Baba ya ce, “Kuskuren rana ɗaya ne. Ba za a sake ba.”

Da ta tafi ya shigo yana faɗa da Inna, wai kunya ma ai tana da iyaka. Ni kuma na koma gida na tarar da Muntaka ya kasa cin tuwo, yana cewa ƙila wani laifi ya yi wa Baba shi ya sa ya ƙi kula shi. Na ce ya ba ni oba-obar. Washegari na karɓo ta Baba na jera su a kan tabarma. Ko makaho ya shafa zai gane: wannan uku, wannan huɗu. Na mayar da ta Muntaka uku, na riƙe su biyun ina jin kamar na gama aiki. Ƙaramar lambar kuwa ban ko kalle ta ba, don lokacin da Abdulƙadir ya yi bayaninsa ba na nan.

Na sa aka gwada. Baba na zaure, Muntaka na can gindin darbejiya a waje. Baba ya danna ya ce, “Ana ji?” Muryarsa ta fito a hannun Muntaka kamar yana tsaye a kansa, har ya zabura ya durƙusa. Na ɗaga murya na ce, “Ya ji, Baba!” Na ce wa Muntaka shi ma ya yi magana. Ya ce haba, ga Baba nan a kusa, ya za a yi ya ɗaga masa murya ta cikin na'ura, ai an riga an ji tana yi. Baba ma daga zaure ya ce ya isa, kar a cinye batir. Haka aka tashi an gwada hanya ɗaya, aka bar ɗayar.

Maganar batir kuma, Baba ya riga ya cinye waɗanda Abdulƙadir ya sa, wajen sauraron 'yan sintirin da yake jin haushi da kuma wunin Laraba. Ya sayo irin na teburin mai shayi, waɗanda ko tocila ba sa riƙewa. Da na yi magana ya ce batir batir ne, in ya yi sanyi a shanya shi a rana ya farfaɗo.

Laraba ta biyu aka tashi da ruwa tun asuba, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Da farko abin ya yi kamar zai tafi daidai, domin yanzu Muntaka yana jin Baba. In Baba ya ce ya sako, sai ya riƙe nasa. Matsalar tana wajen juyawa. Muntaka zai ce, “Baba, na can sun gama fitowa, zan saki na nan.” Ba amsa. Ya saki. Suna tsakiyar hanya sai ya ji muryar Baba: “Na sako!” Ya danna yana cewa, “Baba, akwai mota a ciki, Baba, don Allah!” Ba amsa.

A hannun Baba kuwa, duk lokacin da Muntaka ya yi magana wata koriyar wuta takan kama, alamar akwai mai magana a tashar, amma lasifikar ba ta cewa uffan. Baba ya kalli wutar ya gyaɗa kai, ya fassara wa jama'a: “Ga shi nan. Ya danna, kunya ta hana shi buɗe baki.” Da abin ya ishe shi sai ya fara danna madannin yana huce haushinsa, yana ganin ai da lambar sirri ba mai jin sa sai surukin, surukin ma ya ji ya gyara. Ya ce an ba shi gunki a maimakon mutum. Ya ce katako ma in an buga shi yana ƙara. Ya ce da ya sani da akuya ya ɗaure a can, ko ba komai za ta yi kuka. Muntaka yana tsaye a tsakiyar direbobi da 'yan acaɓa, na'ura na zuba wannan a bainar jama'a, bai ko rage murya ba don kar ya zama ya katse Baba. 'Yan sintirin ƙauyen can da masu buga bulo ma duk sun sha labari, har yau in sun ga Muntaka sai sun tambaye shi lafiyar akuya.

Magana ita ke cin batir, ba saurare ba, Baba kuwa tun safe bai huta ba. Wajen azahar, in ka kalli gilashin oba-obarsa lambobi na nan raɗau, amma da ya danna sai su dushe, ta yi ɗan ƙara, maganar ta yanke. Muntaka ya fara jin “Na sa…” sai shiru, daga baya ko hakan ya daina zuwa. Baba ya ciro baturan ya ɗan ciccije su, ya goga a riga, ya mayar. Gilashi ya kawo, ya ce ta warke. Suka koma inda suka fara, kowa na magana ba mai jin kowa.

A lokacin ne wata tifa cike da yashi ta iso bakin da Baba yake, motar ɗaukar shanu kuma ta iso bakin da Muntaka yake. Baba ya danna ya faɗa wa matacciyar na'ura cewa ya sako. Muntaka ya daɗe bai ji muryar Baba ba, ya yi sallama sau da yawa, ya ɗauka an tafi salla ne an bar masa hanya. Suka haɗu a lanƙwasar. Mai shanu ya ce ba ya iya baya da dabbobi, mai tifa ya murza kan motarsa ya shiga gonar Gwaggo, ƙasa ta buɗe baki ta kama tayoyinsa har gindi. Ya yi ta ba ta wuta tana ƙara nitsewa. Aka kawo tarakta ta ja shi, ita ma ta shiga ta wani gefen ta yi nata zagayen. Motocin da suka taru a baya kuma, da suka ga fili ya samu, kowa ya bi.

Da na isa wurin, gonar ta koma kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Gyaɗar ta riga ta fara ƙwaya, ga ta nan farare a cikin taɓo, ba ta nuna ba balle a ce a tsince. Gwaggo Fanta na tsaye a gefe da hannu a ƙugu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, ni kuwa da ta zage mu da ya fi mini sauƙi.

Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na ƙwace oba-obar Baba daga hannunsa, abin da ban taɓa yi ba, na karɓi ta Muntaka, na hau tudun makaranta na kira Abdulƙadir. Ya ce in karanta masa abin da ke gilashin kowacce. Na ce uku da sifili, uku da sha biyu.

Ya ce, “Inna lillahi. Wa ya sa sha biyu?”

Na ce, “Wa kake tsammani?”

Ya ce, “Yaya, wannan lambar ba ta ɓoye maganar kowa. Kunnen na'urar kawai take toshewa. Wanda ya sa sha biyu ba zai ji kowa ba sai mai sha biyu irin tasa. Wanda ke sifili kuwa yana jin kowa a tashar. Ko dai duka su zama sifili, ko duka sha biyu.”

“To koriyar wutar fa?”

“Maganar Yaya Muntaka ce ke isowa, na'urar ta ƙi buɗe mata. Akwai wani ɗan madanni na saurare, da Baba ya danna shi da ya ji komai.”

Ya ce in sayi batura masu ƙarfi, in kuma danne madannin da ke da hoton makulli har ya kulle, don kar aljihu ya sake canza tasha. Na sauko daga tudun ina magana ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya.

Na same su a zaure, Baba a kan buzu, Muntaka a rakuɓe a bakin ƙofa, kowa na kallon wani bango daban. Na ajiye na'urorin a tsakiya. Na ce, “Baba, ka gafarce ni, yau zan yi magana. Tun safe yake kiran ka. Ya ce maka akwai mota, ya roƙe ka don Allah. Kai ka sa aka toshe taka.” Na juya wajen ɗayan na ce, “Kai kuma ƙafarka ciwo take? Da ka ga ba a amsa ba, me ya hana ka hawa babur ka zo ka faɗa?”

Muntaka ya ce, a hankali, “Ai bai kyautu in zo in ce Baba bai ji ba.”

Na ce, “Gonar Gwaggo kuma ta kyautu?”

Baba ya ɗauki tasa ya daɗe yana kallon 'yar lambar nan. Sannan, ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce, “Duk abin da na faɗa, ya ji?”

Na ce, “Har masu bulo sun ji.”

Ya ajiye ta. A iya sanina wannan ce tambayar farko da na ji Baba ya yi wadda bai riga ya san amsarta ba.

Washegari ya je wajen Mai Unguwa da kansa ya ce gyaɗar gonarsa ta bana ta Fanta ce, in an cire a kai mata. Gwaggo ta aiko cewa ta ji, amma gyaɗarsa ba ta kai rabin tata ba, kuma ita ba sadaka ta shuka ba. Mai Unguwa ya so ya ba samari aikin hanyar. Baba ya ce a bar masa Laraba ɗaya. Ban san abin da ya sa aka yarda ba, ƙila don ba a saba ganin sa yana roƙo ba.

Na mayar da lambobin daidai, na sa sababbin batura, na kulle madannan. Na kuma tsaya a kansu sai da aka gwada ta kowane ɓangare, daga bakin burtali zuwa bakin burtali, ba daga zaure zuwa gindin bishiya ba. Da aka zo kan Muntaka sai ya danna ya yi gyaran murya kawai. Na ce wallahi in bai buɗe baki ya yi magana ba, yau sai dai ya ci na'urar a maimakon tuwo. Ya ce, “Salamu alaikum, Baba.” Daga can aka ce, “Wa alaikumus salam. Na ji.”

Laraba ta uku na ɗauki hutu na tsaya a wajen Baba, don ban yarda da kowa ba. Abin ya tafi lafiya har hantsi ya ɗaga. Motoci sun taru a wajenmu, na can sun gama fitowa, Baba ya ɗaga hannu zai sake su, sai na'urar ta yi magana.

“Baba, a tsaya. Kar a sako.”

Muryar Muntaka ce. Hannun Baba ya tsaya a sama. Na san maganar da ke son fitowa daga bakinsa. Ya sauke hannun a hankali.

Direban gaba ya leƙo ya ce, “Baba, ai babu mota a ciki, mun ga ta ƙarshe ta fita!”

Baba ya ce, “An ce a tsaya.”

“Wa ya ce?”

“Wanda ke ganin abin da ba na gani.”

Aka yi ta hon. Baba bai motsa ba, bai kuma danna ya nemi dalili ba. Can sai ga mutum ya ɓullo daga lanƙwasar, a ƙafa, a tsakiyar hanya, yana tafe a hankali. Gwaggo Fanta ce, da ƙaton ƙunshi a ka, ganyen gyaɗar da ta tsinto daga cikin taɓo za ta kai wa awakinta. Ashe daga can Muntaka ya hango ta ta hau hanya. Ƙunshin ya fi ta faɗi, da mota ta shiga babu inda za ta raɓe. Hon ɗin ya mutu da kansa.

Da ta iso daidai Baba, sai ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ta tsaya, ba ta sauke kayan ba, ta dube shi ta ƙasan ganyen.

Ta ce, “Iliyasu, ai da ka sake su. Babu sauran abin da za su taka.”

Ta wuce. Baba ya bi ta da kallo har ta shiga gari. Direbobi na jira, ni ma ina jira. Ya ɗaga oba-obar zuwa bakinsa, ya danna.

“Muntaka,” ya ce, “in sako?”

Ya saki madannin, ya kara ta a kunne, ya tsaya yana jiran amsa.